Tambayoyi da amsoshi: yadda ake sa facin hoto ya dace da sauran hoton wajen kaifi

Abin da muke kira faci a nan shi ne wurin da aka goge a hoto, manhaja ta cike gurbin da sabon zane, aikin da allon kwamfuta ke rubuta wa `Inpaint` ko `Generative Fill`. Shaci kuma shi ne wurin da ka fenta domin nuna wa manhajar inda za ta taɓa, wato `mask`. Misali guda za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe: hoton ango ne na fiksel 6000 a faɗi da 4000 a tsaye, yana sanye da babbar riga ta shadda, wani ya miƙo waya ya tare aikin ƙirjin rigar. An cire hannun da wayar. Wurin da aka fenta ya kai fiksel 1700 da 1500.

Daga nesa facin ya yi kyau, amma ina zuƙowa sai in ga dishi-dishi. Me ya jawo?

Lissafi ne ya jawo. Kowane samfurin zane, wato ƙirƙirarriyar basirar da ke zana facin a cikin manhajar, yana da girman da aka horar da shi a kai: Stable Diffusion 1.5 a kan 512 da 512, SDXL a kan 1024 da 1024. Shi ma `Generative Fill` na Photoshop, lokacin da ya fito a 2023, fiksel 1024 yake zanawa a kowane gefe. Idan wurin da ka ba shi ya fi haka, manhajar sai ta rage shi zuwa girman da samfurin ya iya, a yi zanen, sannan a ja shi ya koma ya cike gurbin. Jan nan ba ya ƙara komai a ciki. Fiksel ɗaya ne ake shimfiɗawa ya rufe wurin biyu, ko huɗu, ko fiye.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, raba faɗin wurin da aka yanko da faɗin da samfurin ya zana. Wannan lambar ita ce ninkin ja. A hoton angon, in an yanko fili mai 2048 aka zana shi a 1024, ninkin 2 ne. In Stable Diffusion 1.5 ne a 512, ninkin ya zama 4, kuma zaren aikin rigar da kyamara ta ɗauka a kaurin fiksel 2 ba shi da wurin zama a cikin zanen ko kaɗan.

Akwai asara ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Waɗannan samfuran ba a kan fiksel ɗin kai tsaye suke aiki ba. Wani sashe mai suna VAE yana matse hoton sau 8 a kowane gefe, 1024 ya koma 128, a yi zanen a can, sannan a warware shi. Ƙananan abubuwa irin su saƙar yadi, gashin gira da ɗigon kyamara sukan narke a wannan shiga da fita. Shi ya sa ko ninkin ja 1 ne, facin yakan fi kewayensa santsi.

Wane zaɓi zan yi a `Inpaint area`, `Whole picture` ko `Only masked`?

Ga babban hoto, `Only masked`. A manhajar AUTOMATIC1111 da danginta, `Whole picture` yana rage hoton gaba ɗaya zuwa girman da ka rubuta a `Resize to`, kuma a wannan girman zai dawo maka da shi. In ka sa 1248 da 832, hoton angon ya ragu kusan sau 4.8, gurbin nan mai 1700 da 1500 ya koma kusan 354 da 312. Duk aikin ƙirjin a wannan ɗan wurin za a zana shi.

`Only masked` kuwa yana zana akwati a kewayen shacin, ya ƙara masa rata gwargwadon `Only masked padding, pixels`, ya yanko shi, ya daidaita shi da girman `Resize to`, a zana, ya mayar da shi inda ya ɗauko. Sauran hoton ba a taɓa shi. Ratar da ke zuwa da manhajar 32 ce, kuma a hoto mai faɗin 6000 wannan ba ta isa samfurin ya ga abin da ke kewaye ba. Ba zai gane riga ce ba, balle ya ci gaba da zanen aikin daga inda ya katse. Kai ta 150 zuwa 200. A misalinmu hakan ne ke kai akwatin kusan 2048.

A manhajar ComfyUI irin wannan aikin ana yin sa da `Inpaint Crop` da `Inpaint Stitch`, waɗanda ake ƙarawa daga waje, ko a yanka da hannu.

To me zai hana in rubuta 2048 a `Resize to` in huta?

Idan ka haura girman horo da yawa kuma `Denoising strength`, wato yawan canjin da aka bar wa samfurin ya yi, yana sama, samfurin yana rasa ma'aunin abubuwa. Zai zana aljihu biyu, ko ya maimaita zanen aska a wurin da bai kamata ba, ko maɓallai su fito ƙanana kamar na rigar yaro. SDXL yakan jure har wajen 1280 ko 1344 ba tare da ya ruɗe sosai ba, shi ma ya danganta da abin da ke cikin hoton. Ga kuma nauyin da ke hawa kan katin girafik: 2048 da 2048 ninki huɗu ne na fiksel ɗin 1024 da 1024.

Babban girma yana da amfani a zagaye na biyu, lokacin da siffa ta riga ta zauna kuma `Denoising strength` ya sauko ƙasa. A zagayen farko, inda ake ƙirƙirar abin da babu, tsaya kusa da girman horo. Ka kuma tabbata faɗi da tsayi suna rabuwa da 8, in son samu ne da 64.

Yaya jerin aikin yake daga farko zuwa ƙarshe?

Da farko yanko filin da kanka, domin ka san ainihin inda ya fito, ka kuma rage kwafinsa zuwa girman samfurin. Da manhajar ImageMagick:

```
magick ango.png -crop 2048x2048+2208+608 +repage yanki.png
magick yanki.png -filter Lanczos -resize 1024x1024 yanki_1024.png
```

Yi wa shacin irin wannan yanka da ragewa. Sai ka yi facin a 1024, ka yi ta canza `Seed`, lambar da ke sa kowane gwaji ya fito daban, har siffa, launi da inuwa su zauna. A wannan mataki kada kaifi ya dame ka, tsarin aikin rigar kawai kake nema.

Na biyu shi ne mayar da shi 2048. Akwai hanya biyu, kuma haɗa su ya fi kowace ita kaɗai. Lanczos yana ja ba tare da ƙirƙirar komai ba, sakamakonsa taushi ne amma bai yi ƙarya ba. Real-ESRGAN, samfurin ƙara girman hoto, yana ninka sau 4, yana fito da gefuna tsaf, sai dai yana goge saƙar yadi ya mayar da ita kamar leda. Ninka zuwa 4096, rage zuwa 2048, sannan ka gauraya shi da na Lanczos rabi da rabi:

```
realesrgan-ncnn-vulkan -i faci_1024.png -o f4096.png -n realesrgan-x4plus -s 4
magick f4096.png -filter Lanczos -resize 2048x2048 a.png
magick faci_1024.png -filter Lanczos -resize 2048x2048 b.png
magick a.png b.png -evaluate-sequence mean faci_2048.png
```

Na uku, ɗora facin a kan yankin asali ta cikin shaci mai laushin baki, ta yadda abin da ke wajen shacin fiksel ɗin kyamara ne na gaske. Wannan yana da muhimmanci kafin zagaye na biyu, domin samfurin zai ga aikin rigar na ainihi a gefe ya kwaikwayi ƙanƙantar zarensa.

Na huɗu shi ne zagaye na biyu, wanda shi kaɗai ne ke ƙara sabon abu a cikin facin. Raba filin 2048 zuwa tayil-tayil masu 1024, kowanne ya hau kan maƙwabcinsa da fiksel 128 ko fiye, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ragewa ba, `Masked content` yana kan `original`, `Denoising strength` tsakanin 0.25 da 0.35. Da yake gurbin 1700 da 1500 ne, tayil huɗu sun ishe shi, biyu sama biyu ƙasa, tun da tayil biyu masu haɗuwar 128 suna rufe 1920.

Daga nan sai kaifafawa kaɗan, sai yashi, wato ɗigo-ɗigon da kyamara ke bari a hoto, sai mayar da yankin cikin babban hoto:

```
magick yanki.png faci_karshe.png shaci.png -composite hade.png
magick ango.png hade.png -geometry +2208+608 -composite sakamako.png
```

Duk ajiyar da ke tsakanin matakan nan a PNG ko TIFF za a yi. Kowace ajiyar JPEG tana cin wani abu daga kaifin da kake wahalar nema.

Me ya sa 0.25 zuwa 0.35? Na sa 0.15 ban ga canji ba, na sa 0.6 rigar ta canza gaba ɗaya.

Wannan lambar tana nuna yawan hargitsin da ake zuba wa hoton kafin samfurin ya sake tsabtace shi. Hargitsi kaɗan ƙananan abubuwa kawai yake rufewa, saboda haka su kaɗai ake sake zanawa: zare, ƙofofin gashi na fata, ƙyallin shadda. Hargitsi mai yawa yana cinye manyan siffofi ma. A 0.15 abin da aka sake zanawa bai kai asarar da VAE ya yi ba, har facin kan iya dawowa da taushi fiye da yadda ya shiga. Daga wajen 0.45 zuwa sama kowane tayil zai fara ganin kansa cikakken hoto ne, ya nemi cusa abin da ka rubuta a umarni. A nan ne ake ganin ƙaramar fuska ta leƙo daga cikin ninkin riga.

Abu biyu ke rage wannan. Na farko, canza umarnin a zagaye na biyu. Cire duk maganar mutum, ka bar abin da ke cikin tayil ɗin kawai, wato yadi, zare da haske. Na biyu, in kana da ControlNet irin na `tile`, kunna shi, yana riƙe siffar asali har ka iya hawa 0.4 ko 0.5 ba tare da ta goce ba.

Lura kuma da yawan matakai. A AUTOMATIC1111, in ba ka canza saitin ba, matakan da ake yi a zahiri su ne `Sampling steps` sau `Denoising strength`. Matakai 20 a 0.3 shida ne kacal. Sa 40 ka samu 12.

Ba zan iya tsallake duk wannan in danna `Unsharp Mask` da ƙarfi ba?

A'a. `Unsharp Mask` yana ɗaukar kwafin hoton mai dishi, ya cire shi daga na asali, ya ƙara bambancin a kai. Sakamakon shi ne gefen duhu ya ƙara duhu, gefen haske ya ƙara haske. Ido yana karanta wannan a matsayin kaifi, amma zaren da ba a zana ba ba zai fito ba. In ka matsa masa, abin da za ka samu farin zobe ne a kewayen kowane layi, kuma zoben zai fi na sauran hoton kauri saboda an riga an ja facin. Wanda ya saba da hoto da wannan zoben yake fara gane wurin da aka taɓa.

Wurin kaifafawa shi ne ƙarshe, domin cike ɗan gibin da ya rage. Ga yadda ake auna gibin. Zuƙo zuwa 400%, nemi gefe mai tsabta a hoton asali dab da facin, misali inda farin zare ya haɗu da shuɗiyar shadda, ka ƙirga fiksel nawa ake bi kafin launi ya gama sauyawa. A hoto mai kyakkyawan fokas biyu ne ko uku. Yi haka a cikin facin. In ka samu uku ko huɗu, kaifafawa za ta iya: `Radius` 1 zuwa 1.5, `Amount` 40 zuwa 80%, `Threshold` 2 ko 3 domin kada ta taɓa wuraren da ke shimfiɗe. In ka samu shida, koma zagaye na biyu.

Yi ta a kan leya daban ka sa yanayinta `Luminosity`, domin haske kawai ta taɓa. In ba haka ba gefunan zaren za su ɗauko ja-ja ko kore-kore.

Gefuna sun yi daidai, amma facin yana nan santsi kamar an shafa masa mai. Me ya rage?

Yashi. Kowace kyamara tana barin ɗigo-ɗigo ƙanana a duk faɗin hoton, kuma suna ƙaruwa in an ɗauka da ISO mai yawa, kamar yadda ake yi a zauren biki da dare. Ido ba ya lura da su sai a inda babu su. Samfurin zane da Real-ESRGAN duk suna wanke su, sai facin ya zama tsibiri mai tsabta a tsakiyar hoto mai yashi. Sau da yawa mutum yana cewa facinsa ba kaifi, alhali wannan ne kaɗai abin da ya ɓace.

Ana auna shi. Zaɓi ɗan fili shimfiɗaɗɗe a hoton asali, kamar 64 da 64, inda babu zane ko gefe, ka buɗe `Histogram` ka karanta `Std Dev`. Photoshop da GIMP duk suna nunawa. Zaɓi wuri mai irin wannan haske a cikin facin ka karanta nasa. A ce na asali 5, na faci 3. Abin da za a ƙara ba 2 ba ne, domin yashi ba haka yake haɗuwa ba:

```
sqrt(5^2 - 3^2) = 4
```

Sai girman ƙwayar. Abin da `Add Noise` ke bayarwa ƙwayarsa fiksel ɗaya-ɗaya ce, tana da tsini, alhali na kyamara ya ɗan fi haka kauri da laushi saboda yadda ake haɗa launuka daga na'urar ɗaukar haske. Saboda haka a ɗan dusashe shi kafin a zuba:

```
import cv2, numpy as np
f = cv2.imread("faci.png").astype(np.float32)
n = np.random.normal(0, 1, f.shape[:2]).astype(np.float32)
n = cv2.GaussianBlur(n, (0, 0), 0.7)
f += (n / n.std() * 4.0)[..., None]
cv2.imwrite("faci_karshe.png", np.clip(f, 0, 255).astype(np.uint8))
```

Da hannu kuwa, buɗe sabuwar leya mai toka 50%, sa ta `Overlay`, yi mata `Add Noise` da `Gaussian` da `Monochromatic`, bi ta da `Gaussian Blur` na 0.5 zuwa 0.8, ka rufe ta da shacin facin. Sai ka yi ta rage `Opacity` har `Std Dev` na ciki da na waje su zo ɗaya. Duba inuwa daban, domin a yawancin hotuna yashin ya fi fitowa a wurin duhu, kuma a can yakan zo da ɗan launi.

Yashi ne na ƙarshe a jeri. In ka zuba shi kafin kaifafawa, ita za ta ƙara masa tsini ma'auninka ya lalace.

Nawa akasin haka ne: facin ya fi sauran hoton kaifi.

Wannan yana faruwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce ƙaramin shaci. Ka fenta wuri mai fiksel 200, manhajar ta ja shi zuwa 1024, aka zana, aka matse shi sau biyar ya koma. Sakamakon ya cika kaifi, kuma saƙar da ke ciki ta fi ta kewaye ƙanƙanta. Maganin shi ne ƙara rata har akwatin ya kusanci girman zane, ko ka rage `Resize to`. In ratar ta ƙure, akwai dabara: ɗiga ƙaramin ɗigon shaci can nesa da wurin, a inda ba komai, akwatin zai faɗaɗa ya haɗa da shi.

Ta biyu ita ce hoton da shi kansa ba kaifi gare shi ba: tsohon hoton takarda da aka yi wa sikanin, ko bayan mutum da gilashin kyamara ya dusashe. Samfurin ba ya auna nisan abu da fokas yadda ya kamata, yana iya zana bulo tsaf a bangon da ya kamata ya narke. A nan ƙirgen gefe ɗin nan ne jagora. In gefunan asali fiksel shida suke ci, dusashe facin da `Gaussian Blur`, fara daga 1 kana ƙarawa da rabi-rabi, har nasa su kai shida. In wurin yana nisa da fokas sosai, `Lens Blur` ya fi kama da abin da gilashi ke yi. Sannan yashi a kai, domin kyamara tana zuba shi daidai a wurin da ke da fokas da wurin da babu.

Ina ganin layi ko ɗan bambancin launi a bakin facin.

In akwati ne mai kusurwa huɗu kake gani, to ka liƙa yankin gaba ɗaya ne maimakon abin da ke cikin shacin. Duk fiksel ɗin da ya ratsa VAE yana dawowa da ɗan sauyin launi da taushi, ko da ba a fenta shi ba. A ComfyUI ana yawan faɗawa wannan, domin abin da `VAE Decode` ke fitarwa duk ya ratsa. Bi shi da `ImageCompositeMasked`, hoton asali a `destination`.

In layin yana bin siffar shacin ne, bakin ya yi tsauri. `Mask blur` na 4 da ke zuwa da manhajar an yi shi ne domin ƙananan hotuna. A fili mai 2048 nemi 24 zuwa 40. Amma ka fara faɗaɗa shacin da aƙalla wannan adadin kafin ka lausasa bakinsa, in ba haka ba inuwar yatsun mai wayar za ta leƙo ta cikin laushin. Bambancin launi kuwa, ɗauki ma'aunin RGB a ciki da waje dab da bakin, ka gyara da `Curves` a kan facin kaɗai. Yi wannan kafin yashi.

Hoton asali JPEG ne da aka matse sosai. Akwai abin da ya canza?

Akwai. JPEG yana raba hoto gida-gida na fiksel 8 da 8, kuma in an matse shi da yawa gidajen suna bayyana, da ɗan ƙura a kewayen gefuna. Faci mai tsabta a cikin irin wannan hoton yana fita daban. Duba ƙimar matsin da `magick identify -format "%Q" hoto.jpg`, ka ajiye facin shi kaɗai sau ɗaya a kusan wannan ƙimar, ka sake buɗe shi, sannan ka haɗa. Domin gidajen faci su hau kan na asali, wurin da aka fara yanka ya zama yana rabuwa da 16, tun da yawancin JPEG suna rage launi zuwa rabi, gidan launi ya rufe fiksel 16. Dalilin zaɓen 2208 da 608 a misalinmu ke nan.

Kada ka bi hoton gaba ɗaya da Real-ESRGAN domin ya dace da facin, sai in ka yarda fuskokin mutanen ciki su canza.

In facin a fuska yake, samfuran gyaran fuska irin su GFPGAN ko CodeFormer za su taimaka?

Da taka-tsantsan. Dukansu suna yanko fuskar su yi aiki a 512 da 512, saboda haka in fuskar ta fi haka a hotonka, wani sabon ninkin ja ka ƙara wa kanka. Suna kuma sake zana ido, haƙora da fata bisa fuskokin da suka koya, har tsagar gado ko ɗigon fuska su ɓace, kamannin mutum ya ɗan goce. Dangi su ke fara gane wannan. In dole ne, rage `visibility` zuwa 0.3 ko ƙasa, kuma a `CodeFormer weight` ka tuna 0 ne mafi ƙarfin canji, 1 mafi kusanci da asali. Ga fuska babba, zagaye na biyu a 0.2 zuwa 0.25 da yashin da ya dace ya fi aminci.

Aikin rigar da aka zana ya yi kaifi, amma bai yi kama da ɗinkin gaske ba.

Nan ne iyakar hanyar. Ƙara girma da kaifafawa suna gyara yawan fiksel, ba sa koya wa samfurin yadda ake aikin babbar riga. Zai ba ka zane mai kama da ado daga nesa, amma zaren ba ya bin hanyar allura, kuma duk wanda ya san aska biyu da aska takwas zai ga abin bai yi ba.

Abin da ya fi shi ne aron fiksel na gaske. In akwai wani hoton da aka ɗauka a jere, daƙiƙa ɗaya kafin a miƙo wayar, yanko ƙirjin daga can, daidaita shi da `Warp` ko `Perspective`, ka bar samfurin ya ɗinke baki kawai a 0.2 zuwa 0.3. Ninkin ja 1 ne, yashin ma na kyamarar ne. In babu wani hoton, ari saƙar kaɗai: kwafi wani wuri na rigar mai fokas iri ɗaya, yi masa `High Pass` na fiksel 2 zuwa 3, ɗora shi kan facin a `Overlay` ko `Linear Light` mai ragaggen ƙarfi. Launi da inuwa na facin ne, saƙa da yashi na shaddar gaske. Kula da alkiblar zaren, juya kwafin ya bi yadda yadin ya kwanta. Wannan yana aiki sosai a wurin yadi zalla. A kan ɗinkin ado kuwa yana kawo inuwar zanen wani wuri, sai an zaɓi abin da za a ara da kyau.

Yaushe ne duk wannan wahalar ba ta da amfani?

Ya danganta da inda hoton zai je. In ta WhatsApp za a tura shi a yanayin da aka saba, za a rage dogon gefensa zuwa kusan fiksel 1600. Hoton 6000 ya ragu sau 3.75 ke nan, kuma facin da aka ja sau 2 ya riga ya fi abin da zai rage yawan bayani. Daidaita launi da bakin facin ya wadatar.

In bugawa za a yi a sa a firem, lissafin daban ne. A fiksel 300 kowane inci, faɗin 6000 yana ba da inci 20, kusan santimita 51. Facin mai ninki 2 yana daidai da 150 a inci, wanda ake iya gani in an matso, musamman a gefen zare mai kaifi. Mai ninki 4 kuwa 75 ne, ko daga tsaye ana ganinsa.

Kafin a kai wurin bugawa, duba a 100% daidai, ba a girman da manhaja ta zaɓa domin hoton ya shiga allo ba, domin wannan yana ɓoye taushi da yashi duka. Sannan ɗora leyar gwaji: haɗa kwafin hoton duka, yi masa `High Pass` na fiksel 2, ka ja `Levels` sosai har tokar ta fashe. Wurin da ya rasa saƙa zai fito fili sumul, wanda aka cika wa kaifi zai fito da layuka masu kauri fiye da na kewaye. Gyara har ka kasa nuna bakin facin a wannan leyar, sannan ka goge ta kafin ajiyar ƙarshe.